Tambayoyi da amsoshi kan manhajojin da ke cewa suna gane rubutun AI

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye a yankin Ringim, da yamma kuma ina zama a ɗan shagona na kwamfuta a bakin kasuwa ina yi wa ɗalibai tayfin ɗin furojet da firintin, to tun bara tambayar da tafi kowace yawa a shagon nan itace maganar na'urar nan da ake cewa tana gane ko mutum ne ya yi rubutu ko AI, wato manhajar kwamfuta mai iya tsara rubutu da kanta. Yara suna zuwa a tsorace, iyaye ma suna tambaya, har abokan aikina malamai. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa na amsa su wuri ɗaya.

Wai menene ma wannan abin?

Manhaja ce ko shafi a intanet, ka kwafi rubutu ka zuba mata, ta ɗan yi lissafi ta fito maka da lamba, misali ta ce kashi 70 cikin 100 na rubutun nan ya yi kama da na AI, wasu har suna shafa wa jimlolin da suke zargi kala. Sun yawaita ne bayan da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022. A Janairun 2023 wani ɗalibin jami'ar Princeton a Amurka mai suna Edward Tian ya fito da GPTZero, a Afrilun shekarar kuma Turnitin, wanda dama jami'o'i ke amfani da shi wajen duba satar rubutu, ya ƙara nasa ma'aunin. Akwai wasu birjik, ZeroGPT, Copyleaks, Originality.ai, wasu kyauta wasu sai ka biya da dala.

Ashe ba shine dai duba satar rubutun da muka sani ba?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa musamman da yake Turnitin yana fitar da lambobin biyu a shafi ɗaya. Duba satar rubutu kwatantawa ne, yana ɗaukar rubutunka ya gwada da littattafai da shafukan intanet da ayyukan ɗaliban baya da ke rumbunsa, in ya samu daidai sai ya nuna maka ga sakin layin ka ga kuma inda aka ɗauko shi, malami zai iya buɗewa ya gani da idonsa, kamar a kama mutum da akuyar maƙwabci a hannu ne mai akuya kuma yana tsaye.

Ma'aunin AI ba shi da abin da zai nuna maka. Rubutun da AI ya yi sabo ne, babu wani rumbu da aka ajiye asalinsa balle a je a ɗauko a kwatanta. Abin da manhajar ke yi shine ta kalli salon rubutun ta yi hasashe. Kama ce kawai, kama da wane kuma ba ta wane.

To me suke aunawa a cikin rubutun?

Bari in ɗan daɗe a nan dan duk sauran maganar a kansa ta ratayu.

In na ce maka "sannu da..." na yi shiru, kai da kanka zaka cike, zuwa ko aiki ko hutawa. In na ce "Allah ya ba da..." zaka ce sa'a ko lada ko haƙuri. Ba wanda zai ce "sannu da kabewa". To irin su ChatGPT a kan wannan aka gina su, an ɗura musu rubutu mai tarin yawa har suka iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, kuma haka suke rubutu, kalma bayan kalma, galibi suna ɗaukar wadda aka fi tsammani. Shi yasa rubutunsu yake fitowa sumul ba gargada.

Masu manhajar ganowa sai suka juya abin. Suka ce bari mu bi rubutun kalma-kalma mu ga sau nawa ya zo da kalmar da ba a yi tsammani ba. In kusan kowace kalma itace wadda na'ura ma zata zaɓa, sai a ce wannan ya yi kama da na AI, in kuma rubutun yana yawan ba da mamaki sai a ce na mutum ne. Wannan ma'aunin shine ake gani an rubuta perplexity a wasu shafukan. Na biyu da GPTZero ya yi suna da shi shine burstiness, wato hawa da saukar jimloli, mutum yakan yi doguwar jimla ya biyo da gajeruwa, ya yi wata mai sarƙaƙiya ya dawo mai sauƙi, ita kuma na'ura jimlolinta sukan zo kusan tsawo ɗaya kamar kunyoyin da aka ja da garmar shanu.

Manyan manhajojin yanzu sun ƙara da wata hanya, a tara rubutun mutane da yawa da na AI da yawa a koya wa na'ura bambancewa. Amma ko ta nan ɗin abin da ta koya shine kamannin rubutun da aka nuna mata. Ba ta ga wanda ya zauna ya rubuta ba, ba ta san ko a fitilar waya ya kwana yana yi ba, abin da ke gabanta kalmomi ne da yadda aka jera su.

In ta ce kashi 60, ma'ana fiye da rabin aikin AI ne ya yi?

Ya danganta da wace manhaja, kuma wallahi yawancin masu nuna lambar ba sa karanta bayanin da ke ƙasanta. A Turnitin lambar na nufin kason rubutun da manhajar ke zargi. A wasu kuma tana nufin yadda manhajar ke jin ƙarfin zarginta kan rubutun gaba ɗaya. Abu biyu ne daban. Sannan Turnitin da kansa ya ce sai rubutu ya kai kalma 300 na zube kafin ya auna, kuma in lambar ta gaza kashi 20 baya ma nuna ta sai dai ya sa alamar tauraro, dan ya yarda a wannan matakin kuskure ya fi yawa. Kamfanin ya kuma rubuta cewa kada a ɗauki lambar ita kaɗai a hukunta ɗalibi da ita. Masu abin ne fa suka faɗi haka.

Suna yin kuskure da gaske ko dai ɗalibai ne ke neman mafita?

Akwai ɗaliban da ke fakewa da maganar, wannan gaskiya ne, amma kuskuren ma gaskiya ne. OpenAI ɗin da ya yi ChatGPT ya fito da nasa ma'aunin a ƙarshen Janairun 2023, a bayaninsu suka ce kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun AI yake kamawa, yana kuma ɗora wa kashi 9 na rubutun mutane zargin ƙarya. A Yulin shekarar suka rufe shi saboda rashin daidaito. An kuma zuba wa wasu manhajojin kundin tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787 suka ce AI ne ya rubuta, dalili kuwa rubutu ne da aka maimaita shi a intanet sau ba adadi har na'ura ta haddace, dan haka babu kalmar da ke ba ta mamaki a ciki.

Turnitin ya ce nasa kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba a matakin takarda sukutum. Jami'ar Vanderbilt a Amurka ta zauna ta yi lissafi, ta ce a 2022 ta tura takardu kusan 75,000, kashi 1 ɗin nan takarda 750 kenan da za a iya zargin masu su ba da haƙƙi ba, a Agustan 2023 ta kashe ma'aunin a makarantarta.

Ance mu da Turanci ba harshenmu ba mun fi shiga haɗari, haka ne?

Haka ne, kuma wannan ce maganar da ta fi ci min rai. A 2023 wasu masu bincike a jami'ar Stanford, cikinsu da Farfesa James Zou, suka gwada manhajoji 7 da insha'i 91 da waɗanda Turanci ba harshensu ba suka rubuta na jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL, duk mutane ne suka rubuta da hannunsu. A matsakaici manhajojin suka ce kusan kashi 61 cikin 100 na AI ne, 89 daga cikin 91 ɗin kuma aƙalla manhaja ɗaya ta zarge su. Da aka zuba musu rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas kuwa kusan duka suka gane na mutane ne.

Dalilin yana cikin abin da na yi bayani a sama. Yaronmu da ya taso a Taura ko Garki ko Babura ya fara jin Turanci a firamare, kalmomin da ya mallaka ba su da yawa, kuma mu malamai mu muka koya masa ya riƙe jimla mai sauƙi kada ya yi kasada dan kada ya faɗi WAEC, mun ba shi yadda ake buɗe insha'i da yadda ake rufewa ya haddace. In ya zo rubuta furojet zai ɗauki kalmar da ya tabbatar da ita, wadda itace dai kowa ke tsammani, jimlolinsa su zo tsawo ɗaya. Wato taka-tsantsan ɗinsa ne ma ke sa rubutun ya yi kama da na na'ura. Abin da ya ƙara nuna inda matsalar take, masu binciken nan da suka sa aka ƙawata kalmomin insha'o'in suka koma Turanci mai nauyi sai zargin ya faɗo ƙasa sosai. Kaga kenan yawan kalmomin mutum ake aunawa fiye da gaskiyarsa.

Kamfanonin sun ce sun gyara manhajojinsu tun bayan nan, Turnitin ma baya cikin bakwai ɗin da aka gwada. Amma shafukan kyauta da ake buɗewa a waya, waɗanda su aka fi amfani da su a wajenmu, ba wanda ya zo ya gwada su da rubutun ɗaliban ƙauyukanmu kafin a fara yanke hukunci da su.

Ka taɓa ganin wanda abin ya faɗa wa?

Ɗan yayata ne ma. Yana karatun NCE a wata kwaleji, furojet ɗinsa kan dalilan da ke sa yara barin firamare lokacin damina da kaka a ƙauyukan mazaɓarmu. Ni na yi masa tayfin, daga littafin rubutu mai ganye 60 da ya cika da biro, wasu shafukan har da tabon man gyaɗa dan a ɗakin innarsa yake rubutu. Ya kai babi na ɗaya da na biyu, bayan kwana uku sufabaiza ya turo masa hoton waya, wani shafin kyauta ya ce kashi 78 AI, ya ce ya je ya sake duka. Yaron nan ya shigo shago bayan la'asar ko sallama bai iya ƙarasawa ba, ya ce Kawu wallahi ni na rubuta kai ma shaida ne.

Na ce zauna. Muka zuba babi na ɗaya a shafuka uku daban, ɗaya ya ce 78 ɗin, ɗaya ya ce ƙasa da 20, na uku ya ce gauraye ne. Sannan muka duba inda aka shafa wa kala, kusan duk a gabatarwa ne da ma'anar kalmomi da manufofin bincike, wuraren da kowane ɗalibi a ƙasar nan ke rubutawa da tsari iri ɗaya dan haka aka koya musu. Sai na zuba daftarin babi na huɗu inda ya kawo abin da iyaye suka faɗa masa, tsinkar riɗi da kiwon awaki da tallan gyaɗa ranar kasuwa, nan shafin da ya fi zarginsa ma ya ce mutum ne. Mutum ɗaya, biro ɗaya.

Washegari ya tafi da littafin biron da takardun tambayoyi 50 da ya raba wa malamai da iyaye, masu sa hannu da masu dangwale. Na ce masa kada ka je da faɗa, ka ce Malam dan Allah ga daftarina, a tambaye ni duk inda ake so. Malamin kuma Allah ya saka masa ya zauna da shi kusan rabin awa, ya tambaye shi me yasa ya zaɓi makarantu biyar ba goma ba, wannan marubucin da ka ambata a shafi na 9 a ina ka samu littafinsa, yaron ya amsa. Ya ce masa ci gaba, amma ka gyara babi na biyu dan ka cika jero maganar mutane ba ka faɗi taka ba. Wannan gyaran kuwa gaskiya ne, ni ma na gani tun ina tayfin.

In haka ne me yasa makarantu ba za su watsar da maganar gaba ɗaya ba?

Saboda damuwarsu ta gaske ce, ni malami ne na sani. Lakcara ɗaya da ɗalibai 300 ko 400, an ba da asayimen, rabi sun kawo Turancin da ya fi na littafi kyau alhali a aji ba sa iya haɗa jimla uku. Wanda zai fita da NCE gobe shine zai tsaya gaban 'ya'yanmu a firamare, in bai taɓa zama ya yi fama da sakin layi ɗaya da kansa ba me zai koyar? Ga kuma AI yana ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, ɗalibi ya kwafa ya sa a furojet. Sannan akwai haƙƙin wanda ya kwana yana aiki ya samu maki ɗaya da wanda ya gama cikin minti biyar.

Sai dai damuwar ta zama biyu, tsoron a yaudare su da tsoron su zalunci wani. Bari mu yi lissafi na misali, lambobin nawa ne dan a gane. Aji mai mutum 400, a ce 40 sun kwafo daga AI, 360 sun yi da kansu. A ce manhajar na kama kashi 80 na masu laifi, ta kama 32 kenan, 8 sun wuce. A ce kuma tana kuskure kan kashi 5 na masu gaskiya, kashi 5 na 360 shine 18. Sunaye 50 ne za su zo teburin malam, 18 a ciki ba su yi komai ba, fiye da ɗaya cikin uku, kuma babu wata alama a lambar da zata ware masa su. A wajenmu kuma faɗuwa kwas ɗaya ba ƙaramin abu bane, ƙarin shekara ne da kuɗin makaranta da na haya, wani uban buhunan gero ya sayar ko ɗan raƙuminsa na noma.

Wanda ya yi amfani da AI ɗin fa, lallai za a kama shi?

Ba lallai ba. Wanda ya sauya kalmomi ya jujjuya jimloli sau da yawa yana wucewa, kuma galibi mai wayo da data da kwamfuta ne ke iya wannan, mai ƙaramin ƙarfi da ya yi abinsa tsakani da Allah shi ke faɗawa tarko. Amma wanda ya wuce manhaja baya wuce tambaya, ranar difens minti biyu sun isa a gane wanda bai san abin da ke cikin takardarsa ba.

Rubutun Hausa fa?

Yawancin manhajojin da Turanci aka horar da su, wasu suka ƙara manyan harsuna irin su Sifaniyanci. In ka zuba Hausa shafin kyauta zai iya ba ka lamba dai, amma ni bana ɗaukarta a bakin komai, kuma ina roƙon malaman sashen Hausa kada su hukunta kowa da ita. Kunnen malamin Hausa ya fi ta nesa ba kusa ba, shi zai ji inda aka fassaro Turanci kalma da kalma, ko karin maganar da ba Bahaushen da ya taɓa yin ta.

Ba wata hanya tabbatacciya kenan?

Akwai abin da ake gwadawa na sa ɓoyayyar alama a rubutu tun lokacin da AI ke yin sa, Google na da nasa mai suna SynthID. Amma kayan kamfanin da ya sa alamar kawai zai gane, kuma in an sake rubutun sosai ko an fassara alamar na raunana. Wani kuskuren da nake gani kuma shine a kwafa rubutu a ba ChatGPT wai ya tabbatar ko shi ya yi, ba a gina shi dan wannan aikin ba, amsar da zai bayar ba hujja bace.

Ni ɗalibi ne, me zan yi tun kafin a zarge ni?

Ka ajiye sawunka. Littafin da ka fara rubutu a ciki, takardun tambayoyi, hoton shafin littafin da ka karanta a laburare, kada ka yar da ko ɗaya sai ka karɓi sakamako. In a waya ko kwamfuta kake rubutu, Google Docs na ajiye tarihin gyare-gyare, a kwamfuta ka shiga File sannan Version history zaka ga ranaku da lokutan da aka yi kowane canji, wanda ya rubuta shafi 40 cikin sati shida tarihinsa daban yake da wanda ya manna su dare ɗaya. In a shago ake maka tayfin ka ce a ajiye kowane babi da kwanan watansa kada a riƙa rubuta sabo a kan tsoho, ni haka nake yi wa duk wanda ya kawo aiki yanzu.

Ka tambayi malaminka tun farko me aka yarda da shi, dan wani ya yarda a gyara nahawu da manhaja wani bai yarda ba, kuma irin wannan gyaran in ya yi yawa shi ma yana iya ɗaga lambar. Kada kuma ka lalata rubutunka da gangan kana cusa kurakurai dan lamba ta sauka, na ga masu yi, maki suke zubarwa a banza.

Mu malamai fa, in lamba ta fito da yawa me ya kamata?

Ranka ya daɗe ka ɗauke ta dalilin kiran yaro, ba hukunci ba. Ka zaɓi sakin layi biyu ka ce ya yi maka bayaninsu da bakinsa, ko da Hausa ne, ka ɗauki littattafai uku cikin waɗanda ya ambata ka bincika ko akwai su da gaske, dan littafin da babu shi hujja ce da zaka iya nunawa kowa, ba kamar lamba ba. In kana da rubutunsa na cikin aji ka ajiye su gefe da gefe. Ni a ajina na SS2 na koma ba da aikin da sai an taka ƙafa, su je su tambayi mai sayar da taki nawa buhu yake bana nawa yake bara, ko su zauna da sarkin noma ya faɗa musu yadda ambaliya ta taɓa fadamarmu, shafin farko kuma a gabana ake rubuta shi ranar Litinin kafin a tafi da sauran gida.